Wa Ya Buɗe Wasiƙar, Mutum Ko Wayarsa?

Daga ƙarshen watan Satumbar 2021, masu aika imel ga dubban mutane a lokaci guda, irin su gidajen jaridu da shagunan intanet da ƙungiyoyin agaji, suka fara ganin wani abu mai daɗin kallo a allon rahotonsu. Lambar da ke nuna yawan waɗanda suka buɗe wasiƙa ta kama hawa, wannan mako ya fi wancan. Ba su canja salon rubutu ba, ba su yi wa kowa alkawarin garabasa ba. Ciniki kuwa yana nan inda yake, masu latsa mahaɗin da ke cikin wasiƙar ma ba su ƙaru ba. Lambar ce kaɗai ke ta kumbura. Waɗanda suka san kan abin ba su yi murna ba, domin tun watan Yuni kamfanin Apple ya sanar a taronsa na masu ƙirƙirar manhajoji cewa yana tafe da wani sauyi. Ranar 20 ga Satumba ya saki iOS 15 ɗauke da tsarin da ya sa wa suna Mail Privacy Protection, kuma tun daga ranar lambar da ake kira `Open rate` a shafukan masu aika imel ta daina faɗin abin da aka daɗe ana zaton tana faɗi.

Kafin a gane abin da Apple ya lalata, sai an fara sanin yadda ake samo lambar tun asali. Da yawa daga cikin masu dogaro da ita ba su taɓa tambaya ba.

Imel ba kamar WhatsApp ba ne. A WhatsApp kamfani ɗaya ke riƙe da manhajar mai aikawa da ta mai karɓa, shi ya sa yake iya shuɗantar da alamun nan biyu idan an buɗe saƙo. Imel kuwa tsari ne da babu mai shi. Wasiƙa tana tashi daga kwamfutar wannan kamfani ta sauka a ta wancan, shi ke nan magana ta ƙare. Mai aikawa zai iya sanin cewa an karɓa ko an dawo masa da ita, amma abin da ya faru bayan nan ba huruminsa ba ne. Akwai wata tsohuwar hanya ta neman shaidar karantawa, sai dai mai karɓa na iya ƙin bayarwa, kuma manhajoji da yawa ba sa ma kula ta. Saboda haka 'yan talla suka ɓullo ta bayan gida.

Dabarar tasu ta dogara ne kan yadda hotuna ke shiga wasiƙa. Yawancin wasiƙun talla da na labarai ba sa tafiya da hotunansu a jiki. Abin da ke cikin wasiƙar umarni ne kawai ga manhajar mai karɓa: idan za ki nuna wannan shafi, je wuri kaza ki ɗauko hoto kaza. Hoton yana zaune a kan uwar garken mai aikawa, wato kwamfutar da ke ajiye kayansa tana miƙa wa duk wanda ya nema ta intanet. A cikin hotunan sai a cusa wani ɗan mitsitsi, faɗinsa ɗigo ɗaya tsawonsa ɗigo ɗaya, marar launi, wanda ido ba ya gani. Ga kamanninsa a cikin rubutun da ke ƙarƙashin wasiƙar:

```html
<img src="https://t.example.com/o/8f3a21.gif" width="1" height="1" alt="">
```

Sirrin yana cikin waɗancan haruffa da lambobi, `8f3a21`. Kowane mai karɓa da nasa. Idan an aika wa mutum dubu goma, to an ƙirƙiri adireshin hoto dubu goma, babu biyu da suka yi kama. Duk sa'ad da aka nemi hoton da ke wannan adireshi, uwar garke za ta rubuta a kundinta cewa wane ya buɗe wasiƙa kaza da ƙarfe kaza. Ba nan ta tsaya ba. Buƙatar tana zuwa da adireshin IP na mai nema, wanda ke nuna ƙasa da sau da yawa garin da yake, tana kuma zuwa da ɗan bayanin da ke faɗin irin waya ko kwamfutar da yake amfani da ita. Daga nan lissafin ba wuya: a ƙirga mutanen da aka nemi ɗigonsu, a raba da yawan wasiƙun da suka isa, a mayar da shi kashi cikin ɗari.

A lura da kyau, babu inda aka auna karatu a nan. Abin da aka auna shi ne ɗauko hoto. An yi shekaru abubuwan biyu suna tafiya tare, saboda manhaja ba ta ɗauko hoto sai mutum ya taɓa wasiƙar, har aka manta cewa abubuwa biyu ne daban.

Ko a zamanin da lambar ke da daraja, tana da ramukanta. Outlook na Microsoft ya fara toshe hotunan waje tun fitowarsa ta 2003, sai mutum ya ba da izini. Wanda ya karanta wasiƙa daga farko har ƙarshe bai ba da izinin ba, ba ya shiga lissafi. Wanda ya taɓa ta cikin kuskure ya goge nan take, ya shiga. Gmail yana datse wasiƙar da nauyin rubutunta ya haura kilobayit 102, ya ɓoye wutsiyarta, kuma a wutsiyar aka fi ajiye ɗigon. Amma waɗannan kurakuran suna da wani hali mai sauƙin zama da shi: ba sa canjawa sosai daga mako zuwa mako, kuma akasarinsu rage lambar suke yi. Idan wasiƙar wannan mako ta sami kashi 25 ta makon jiya ta sami 18, mai aikawa yana da dalilin yarda cewa ta wannan mako ta fi jan hankali, ko da ainihin adadin ba haka yake daidai ba.

Girgiza ta farko daga Google ta zo, a watan Disambar 2013. Gmail ya daina tambayar mutane kafin ya nuna hotuna, sai dai ya shiga tsakani. Maimakon wayarka ta je wurin mai aikawa da kanta, kwamfutocin Google ke zuwa su ɗauko hoton, su ajiye kwafinsa, su miƙo maka. Mai aikawa ya rasa sanin garin da kake, domin adireshin Google yake gani, kuma buɗewa ta biyu da ta uku sukan ɓace masa tunda daga kwafin ake nuna hoton. Duk da haka buɗewar farko ta tsira, saboda a ƙa'ida Google yana zuwa ɗaukowa ne lokacin da ka buɗe. An yi ƙorafi na ɗan lokaci aka ci gaba da harka.

Na Apple daban ne, kuma bambancin yana cikin lokaci. Wanda ya sabunta wayarsa zuwa iOS 15, ranar farko da ya buɗe manhajar Mail sai a gabatar masa da zaɓi biyu, a kare ayyukansa na imel ko kada a kare. Ba sai an yi duba ba kafin a san wanda yawancin mutane za su danna. Da zarar an kunna `Protect Mail Activity`, manhajar ba ta jiran mai ita. Wasiƙa ta sauka, ita kuma a ɓoye, a lokacin da ta ga dama, sai ta sauko da hotunan da ke ciki, har da ɗigon nan, ko mutum ya buɗe ko bai buɗe ba. Kuma ba kai tsaye take zuwa ba. Apple ya ce buƙatar tana ratsa zango biyu da hannaye daban-daban ke riƙe da su. Na farko ya san adireshin IP ɗinka amma bai san abin da kake nema ba, na biyu ya san abin da ake nema amma bai san ko wane ne ba. Abin da ke isa ga mai aikawa adireshi ne na aro, wanda ke nuna yanki a dunƙule. Haka aka yi wa iPad, sannan kwamfutocin Mac suka bi sahu da fitowar macOS Monterey a watan Oktoba na shekarar.

Kamar mai raba katin biki ne da ya ɗaura ƙararrawa a bakin kowane ambulan, don ya ji ƙara idan maigida ya buɗe. Sai aka wayi gari an ajiye yaro a zaure wanda aikinsa shi ne farke duk ambulan da ya shigo, ya jera katunan a faranti. Ƙararrawa tana ta kaɗawa, maigida kuwa wataƙila yana barci, wataƙila ma ya yi tafiya.

Akwai wani ruɗani da ya kamata a warware a nan, domin har masu sana'ar sukan faɗa cikinsa. Abin ya shafi manhajar da ake karanta wasiƙa da ita ne, ba kamfanin da ya ba da adireshin ba. Mai adireshin Gmail ko Yahoo ko na ofis da ya haɗa shi da manhajar Mail ta Apple yana ciki. Mai iPhone da ke karanta wasiƙunsa a manhajar Gmail ba ya ciki. Don haka duba jerin adireshi a ce masu `@icloud.com` kaɗan ne, saboda haka matsalar ba ta shafe mu ba, kuskure ne babba.

Bari mu ɗauki misali mu bi shi da alƙalami. Alƙaluman na ƙirƙira ne don a ga yadda lissafin ke tafiya, ba na wani shago na gaske ba ne. A ce wata Hajiya ce mai sayar da atamfa da leshi a Kantin Kwari, ɗanta ya buɗe mata shago a intanet, kuma da yawa daga cikin masu sayenta mazauna Landan ne da Amurka da Jidda. Duk mako tana aika wasiƙar sababbin kaya, tana isa ga mutum 10,000. A cikinsu 4,000 suna karantawa a manhajar Mail ta Apple da kariyar a kunne, sauran 6,000 suna amfani da wasu manhajoji. A ce kuma a kowane ɓangare mutum ɗaya cikin huɗu ne ke buɗewa da hannunsa, kuma mutum 300 ne ke latsa mahaɗi su shiga shagon.

Kafin sauyin, allon zai nuna buɗewa 2,500, wato kashi 25 cikin 100. Bayan sauyin, mutanen ɓangaren 6,000 suna nan da 1,500 ɗinsu. Amma a ɓangaren Apple, ba mutum 1,000 da suka buɗe da gaske za a gani ba. Saukewar ba ta faruwa ga kowace wasiƙa a kowace waya, wata a kashe take, wata ba ta kan intanet, don haka a ce 3,600 aka rubuta. Jimilla 5,100, kashi 51. Lambar ta ninka har da ɗoriya, alhali ko mutum ɗaya bai ƙaru ba. Ɗan Hajiya zai zo da albishir, ita kuma za ta duba littafin ciniki ta ga babu abin da ya motsa.

A allo ɗaya kuma akwai wata lamba da za ta ba shi labarin da ya saɓa wa wannan. Ita ce wadda ke nuna kashi nawa cikin waɗanda suka buɗe ne suka latsa mahaɗi, kuma da ita ake auna ko abin da ke cikin wasiƙar ya yi armashi. Da 300 cikin 2,500 ne, kashi 12. Yanzu 300 cikin 5,100 ne, bai kai kashi 6 ba. Wanda bai san dawan garin ba zai ce kan wasiƙar yana jan mutane fiye da da, amma kayan da ke ciki sun daina burge su. Zai iya korar mai ɗaukar hoto, ko ya rage farashi, a kan matsalar da babu ita.

To me zai hana a tsame na bogin a bar na gaskiya? Nan ne gizo ke saƙar. Gane buƙatar da ta biyo ta hanyar Apple ba wuya. Bayanin na'urar da take zuwa da shi tsirara yake, `Mozilla/5.0` kawai, babu sunan waya babu komai, saɓanin na Google da ke ɗauke da kalmar `GoogleImageProxy`. Adireshin da take fitowa ma sanannu ne. Kamfanonin da ke aika wasiƙu a madadin 'yan kasuwa sun yi amfani da wannan. Mailchimp ya sa wurin da za a cire irin waɗannan buɗewa daga rahoto, SendGrid kuma yana yi musu alama da `sg_machine_open`. Sai dai alamar tana cewa ne wannan buƙata ta biyo ta hanyar Apple. Ba ta cewa mutumin bai karanta ba. Idan wayar ta riga ta sauke hotunan da asuba, mai ita ya buɗe wasiƙar da hantsi, manhajar za ta nuna masa abin da ta ajiye, babu wata sabuwar buƙata da za ta je wa mai aikawa. Wanda ya karanta ya yi sha'awar leshin da wanda ya goge bai duba ba, sawunsu iri ɗaya ne a kundi.

Mu koma ga Hajiya. Idan ɗanta ya cire 3,600 ɗin nan ya raba abin da ya rage da 10,000, zai sami kashi 15, ya zubar da mutum 1,000 da suka karanta da gaske. Idan ya bar su, kashi 51. Gaskiyar tana tsakanin 15 da 51, kuma wannan tazara ta yi faɗin da ba za a gina shawara a kanta ba. Hanyar da ta fi hankali ita ce a fitar da mutanen Apple gaba ɗaya daga lissafin, sama da ƙasa, a raba 1,500 da 6,000, a dawo kan kashi 25. A misalinmu ya faɗa daidai, amma don mu muka tsara cewa ɓangarorin biyu halinsu ɗaya ne. A zahiri babu mai ba da wannan tabbaci. Masu iPhone a jerin Hajiya wataƙila su ne mazauna waje masu sayen leshi mai tsada, wato mutanen da ta fi buƙatar sanin halinsu su ne daidai waɗanda suka ɓace mata.

A ganina ɓarnar da ta fi tsanani ba a rahoto take ba. Rahoto ko ya yi ƙarya, mutum na iya kallonsa ya taɓe baki. Matsalar ita ce ayyukan da aka ɗaura a jikin lambar, waɗanda ke tafiya da kansu babu mai dubawa.

Ɗauki gwajin kan wasiƙa. An saba a rubuta kai biyu, a aika kowanne ga wani ɗan rukuni, a jira sa'o'i kaɗan, sannan na'ura ta zaɓi wanda aka fi buɗewa ta aika wa sauran. A ce kowane rukuni mutum 1,000 ne, 400 na Apple, kuma 360 daga cikinsu za su bayyana a matsayin waɗanda suka buɗe ko me aka rubuta. A cikin sauran 600, kai na farko ya ja 180, na biyu ya ja 120. Bambanci ne na kashi 30 da kashi 20, wato na farko ya fi na biyu da rabi. A allo kuwa za a ga 54 da 48. Idan bambancin gaskiya bai kai haka girma ba, ya isa a ce rabon masu Apple ya ɗan karkata zuwa rukuni ɗaya, ko wayoyin wani rukuni sun riga na ɗayan saukewa kafin a rufe gwajin, sai ragon ya ci gasar.

Sai kuma sharar jeri. Masu aika wasiƙu da yawa suna da doka: duk wanda ya yi wata shida bai buɗe komai ba, a tambaye shi ko yana so a ci gaba, in bai amsa ba a cire shi. Ba don kirki kawai ake yi ba. Gmail da Yahoo da Outlook suna lura da yadda mutanensu ke mu'amala da wasiƙun kowane mai aikawa, kuma wanda ake yawan watsar da nasa ko ake kai ƙararsa, sannu a hankali sai wasiƙunsa su koma faɗawa akwatin `Spam`. Tun watan Fabrairun 2024 ma Google da Yahoo suka tsaurara wa masu aika da yawa. A wurin Google, mai aika wasiƙa 5,000 ko fiye a rana dole ya sa hanyar ficewa da latsawa ɗaya, kuma kada masu kai ƙararsa su kai kashi 0.3 cikin 100. Yanzu ka duba abin da kariyar Apple ta yi wa dokar wata shidan nan. Mutumin da ya gaji da wasiƙun Hajiya tun bara, ko wanda ya daina duba wannan adireshin amma yana nan haɗe a wayarsa, a kundi shi ne masoyi na gaba-gaba, bai taɓa barin wasiƙa ta wuce shi ba. Ba za a taɓa cire shi ba, za ma a iya ƙara masa yawan wasiƙu a matsayin lada, har ranar da zai fusata ya danna ƙara. Ta ɗaya gefen kuma, dabarar sake aika wasiƙa ga waɗanda ba su buɗe ta farko ba tana tsallake mutum 2,600 da ƙari a jerin Hajiya waɗanda ba su gan ta ba amma aka rubuta sun gani.

Sauran ƙananan abubuwa sun bi ruwa tare. Lokacin da aka rubuta a matsayin na buɗewa ya zama lokacin da waya ta ga damar saukewa, don haka tsarin da ke koyon sa'ar da kowa ya fi duba imel yana koyon halin waya ne. Taswirar garuruwan masu karatu ta dushe. Hoton agogon nan mai ƙirga sa'o'in da suka rage kafin rangwame ya ƙare, wanda ake zana shi sabo a duk lokacin da aka nema, yana iya nuna wa mai karatu lokacin da ya riga ya wuce.

Yawan ɓarnar ya danganta da waɗanda ke cikin jerin. Kamfanin Litmus, mai bin diddigin manhajojin da ake buɗe imel da su, ya yi shekaru yana nuna Apple da kusan rabin duk buɗewar da yake gani, ko da yake shi ma da ɗigon hoto yake aunawa, don haka saukewar ta kumbura nasa adadin. A Nijeriya da Nijar kuwa Android ce ke riƙe da kasuwa, Tecno da Infinix da itel da Samsung, kuma manhajar Gmail ke zuwa a cikinsu. Makarantar da ke aika wa ɗalibanta sanarwa a Zariya ko Maraɗi, lambarta ba za ta kumbura kamar ta mai sayar wa mazauna Turai ba. Wannan ne ma ya sa kwatanta lambarka da ta wani, ko da matsakaicin da ake wallafawa daga ƙasashen waje, ya rasa ma'ana. Mai kashi 50 ba lallai ya fi mai kashi 25 iya rubutu ba, wataƙila mutanensa sun fi riƙe iPhone ne kawai.

Ban ce lambar ta zama shara gaba ɗaya ba. Tana da sauran amfani ɗaya mai kyau, shi ne gargaɗi. Idan aka ware masu adireshin Gmail daban, aka ga lambarsu da ta saba tsayawa wuri ɗaya ta rikito cikin mako guda alhali ta sauran ba ta motsa ba, to akwai alamar wasiƙun sun fara faɗawa `Spam` a can, inda ba a nuna hotuna. Sai a je Google Postmaster Tools a duba yawan ƙarar da ake kaiwa. Faɗuwar lambar tana da labari, hawanta ne ba abin yarda ba.

Shawarar da aka fi bayarwa ita ce a koma ƙirga latsa mahaɗi, kuma ta fi, tunda kariyar Apple ba ta latsa komai. Amma ita ma da nata baƙin. Bankuna da jami'o'i da manyan ofisoshi suna sa na'urorin tsaro irin na Proofpoint da Mimecast da Barracuda, waɗanda ke bin mahaɗan da ke cikin wasiƙa su duba ko akwai tarko kafin ma'aikaci ya gani. A kundin mai aikawa wannan ma latsawa ce. Sai dai waɗannan suna barin sawu. Sukan zo cikin daƙiƙoƙi kaɗan da isar wasiƙa, sukan latsa kowane mahaɗi daga sama har ƙasa a lokaci ɗaya, abin da ɗan Adam ba ya yi, kuma adireshinsu na manyan ɗakunan kwamfutoci ne, ba na layin waya ba. Wasu masu aikawa sukan ɓoye mahaɗin da ido ba ya gani, duk wanda ya latsa shi an san na'ura ce, sai a zubar da duk abin da ta latsa. Abin da ɗan Hajiya ya kamata ya yi shi ne ya sauya dokar wata shidan, ta zama wanda bai latsa ba, bai saya ba, bai amsa ba, ya kuma tsawaita wa'adin tunda latsawa ta fi buɗewa wuya. Gwajin kan wasiƙa ma ya koma yanke hukunci da latsawa, wanda ke nufin sai rukuni ya fi girma an kuma ƙara jira, domin 300 cikin 10,000 idan aka raba su gida biyu ba su da yawan da za a yi saurin gane wanda ya fi.

Mai karatun da ba ya aika wa kowa komai, karɓa kawai yake yi, shi aka yi wannan duka dominsa, kuma ɗigon bai tsaya ga wasiƙun talla ba. A farkon 2021 BBC ta ruwaito binciken kamfanin imel na Hey, wanda ya gano irin wannan ɗigo a kashi biyu cikin uku na wasiƙun da ake aiko wa masu amfani da shi. Mai iPhone zai tarar da `Protect Mail Activity` a saitin Mail, ƙarƙashin `Privacy Protection`. Mai manhajar Gmail ba shi da irin wannan, buɗewarsa ta farko tana isa ga mai aikawa ko da garinsa ya ɓuya. Abin da yake da shi shi ne zaɓin `Ask before displaying external images` a sashen hotuna na saiti. Idan ya kunna, wasiƙu za su riƙa zuwa babu hotuna sai ya ba da izini ɗaya bayan ɗaya, kuma duk wadda ya ba wa izini, ɗigonta zai tafi ya kai rahoto. Mahaɗan da ke cikin wasiƙar su ma kowanne yana ɗauke da irin lambar nan ta musamman, saboda haka ko a iPhone ko a Tecno, wanda ya latsa an san shi ne.